Wace kalma za mu ba sanya salon haruffa cikin PDF?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara littafin horar da sakatarori, ranar Alhamis zan miƙa, kuma na maƙale a kan `embed fonts`. Abin ya taɓa cina da kaina: na kai PDF mai shafi 12 wurin bugawa, a kwamfutata tsaf yake, a tasu kuwa duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati ya fito. "Ƙasa" ta koma akwati da "asa". Na rubuta "cusa salon haruffa", amma bai kwanta mini ba.

Ɗan Maɗaba'a: Wa alaikumus salam Malama. Cusawa akwai tilas a ciki, kamar tura kaya a buhun da ya cika. Abin da ke faruwa shi ne fayil yana ɗauke da zanen kowane harafi a jikinsa, don kada ya nemi aro a na'urar da ya sauka. In bai ɗauko ba, na'urar ta musanya da wanda take da shi, in wancan ba shi da haruffa masu lanƙwasa sai akwatin da kika gani. Ni "dasa" nake ce wa yarana a shago. Ki duba naki a Acrobat Reader, `File > Properties > Fonts`, ko kuma da wannan umarnin:

```
pdffonts littafi.pdf
```

Duk layin da aka rubuta `no` a ƙarƙashin `emb`, ba a dasa shi ba.

Ɗalibi: Ai da sauƙi, a Word a danna `Embed fonts in the file`, ko a mai da shafukan hoto a huta.

Ɗan Maɗaba'a: Ƙanena, wancan zaɓin na fayil ɗin Word ne kansa, ba na PDF ba. Wajen fitar da PDF ka shiga `Options` ka zaɓi PDF/A, ƙa'idarsa ta wajabta dasawa. Hoto kuma yana ƙara nauyi, ga shi ba a iya neman kalma ko kwafarta.

Malamin Hausa: Dashe na shuka ne, kuma in ka dasa abu ka cire shi ke nan daga mazauninsa. Nan kuwa salon yana nan a kwamfutarki. Ku ce "goyon haruffa". Uwa duk inda ta sa ƙafa ɗanta na bayanta, kuma tana jin nauyinsa. Ma'ana biyu a kalma ɗaya. Shekara uku ina koyar da ɗalibaina haka. Sannan wannan "fayil" da kuke ta maimaitawa, ina kuka bar kundi?

Baƙon Damagaram: Goyo ya yi daɗin ji Malam, amma mu nan da "ƙunsa" muke aiki a gidan rediyo. Kullum sai an yanke kalma a Kano sannan a aiko mana, kamar namu bakin ba Hausa ba ne.

Malamin Hausa: Ba wanda ya raina Damagaram. Daidaitacciyar Hausa dai tana da tushe, ba kowa ke tashi ya ƙirƙira ba.

Baƙon Damagaram: To goyon ma ai kai ka ƙirƙira.

Mai Fassara: Don Allah ku yi haƙuri, lokaci ne ba ni da shi. Littafin ya raba abin biyu, akwai cikakke akwai `subset`, kuma dole kalmar ta ɗauki dukansu.

Ɗan Maɗaba'a: Nan ne maganar nauyi take. Cikakke yana kwaso duk haruffan salon, har na harsunan da ba ki taɓa rubutawa ba. Salo irin Charis SIL mai haruffa dubbai, in kin haɗa na tsaye da mai kauri da na karkace, kowanne fayil ne daban, sai ki ga takardar da bai kamata ta kai rabin megabait ba ta haura ɗaya. Ɗayan kuwa haruffan da kika yi amfani da su kaɗai yake ɗauka, shi ya sa za ki ga sunan da haruffa 6 a gaba, kamar `ABCDEF+CharisSIL`. Illarsa, in aka zo gyara a cikin PDF ana son harafin da bai fito a takardar ba, kuma babu salon a kwamfutar mai gyaran, ba zai shiga ba. Haka nan in kin haɗe fayil 20, kowanne na iya zuwa da nasa guntun, nauyin ya taru. Akwai ma salon da lasisinsa ya hana dasawa ɗungurungum.

Baƙon Damagaram: Wannan guntun ai tsakure ne.

Mai Fassara: Madalla, tsakure ya zauna. "Dasa tsakure" da "dasa cikakke" suna faɗuwa a baki. "Goya tsakure" na gwada da ƙarfi sau uku, sakatare zai tsaya yana tunani. Zan sa "dasa salon haruffa", in ajiye rubutun allon a gefensa yadda yake.

Malamin Hausa: Tsakure na yarda da shi. Dasa kuwa har yanzu kuskure ne a wurina, amma aikinki ne Malama. A ajina goyo za mu ci gaba da cewa.

Ɗalibi: To in takardar ajami ce da salon Alkalami, shi ma "haruffa" za a ce ko "baƙaƙe"?