Taƙaitawa: Tsara Wa'azin Ramadan Daga Kame Kai Zuwa Kyauta

Ga abin da na tattara daga muhawarar da aka yi kan yadda mai wa'azi zai tsara darussansa a watan Ramadan.

1. An yi ittifaƙi a raba watan gida uku. Goman farko ta tafi kan taƙawa, a ɗora ta kan aya ta 183 cikin Suratul Baƙara, a kawo misali da tsare harshe daga gulma da danne fushi lokacin da yunwa ta yi tsanani.

2. Goman tsakiya ta zama gada. Mai wa'azi ya nuna cewa wanda ya ɗanɗani yunwa da gangan shi ya fi cancanta ya tuna da maƙwabcin da yunwarsa ba ta ƙarewa da magariba. Daga nan sai ciyarwa da kula da marayu.

3. Kan zakkar fidda kai aka rabu. Wasu sun ce a bar ta sai goman ƙarshe. Mafi yawa sun ce a yi bayanin sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, tun kafin daren 21, domin daga nan hankalin jama'a yana komawa kan tahajjudi da i'itikafi, sai a ga mutum yana tambayar awo ana shirin tafiya Idi. Ni ma nan na fi karkata.

4. Kada a ɗora darasi a kan ranar 30, watan na iya tsayawa a 29.