Inji biyu a kan teku: ganganci ne ko lissafi?

Baban Khalifa: Jama'a, abin nan ya tsaya mini a rai. Na taso daga Landan zuwa New York, na leƙa ta taga, inji ɗaya a wannan fiffike, ɗaya a wancan, ƙasa kuwa ruwa ne iya ganinka. A da Boeing 747 mai inji huɗu ake sa wa wannan hanya. Yanzu don tsimin mai sun rage biyu. Wallahi ganganci ne da rayukan mutane.

Ɗan Fagge: Alhaji, an dai ji ka je Amurka. Allah Ya maimaita.

Injiniya Sadiq: Baban Khalifa, kalmar ganganci ta yi nauyi. Akwai ƙa'ida, ETOPS ake ce mata. Tun 1953 hukumar jiragen saman Amurka ta hana mai inji biyu yin nisan da ya wuce minti 60 daga filin da zai iya sauka, saboda injunan wancan zamani masu fistin suna yawan mutuwa a sama. Da injunan jet suka nuna juriya, a 1985 aka ba da minti 120, har kamfanin jiragen sama na TWA ya tashi Boeing 767 daga Boston zuwa Paris a kan wannan izini. A 1988 aka kai shi 180.

Maman Ummi: To ai ƙaryar ta fito. Minti 180 awa uku ke nan. Ɗana ya ce tafiyarsu ta fi awa bakwai, rabinta a kan ruwa. Sun karya dokar da kansu, in ba ganganci ba mene ne?

Injiniya Sadiq: Hajiya, ba tsawon tafiyar ake aunawa ba. Tambayar ita ce: a duk inda jirgin yake, in inji ɗaya ya mutu yanzu, minti nawa zai ci kafin ya kai filin da ya fi kusa da injin da ya rage? A ce da inji ɗaya yana gudun kilomita 740 a awa. Awa uku ya ba ki wajen kilomita 2,200. Sai a zana da'ira mai wannan nisa a kewayen Shannon ta Ireland, wata a Keflavik ta Iceland, wata a Gander ta Kanada. Hanyar jirgin dole ta kasance a cikin da'irorin nan daga farko har ƙarshe, ko da tafiyar awa goma ce. Kuma kafin a tashi sai an duba hasashen yanayin waɗannan filaye na lokacin da za a iya buƙatarsu. In hazo zai rufe Keflavik, an cire shi daga lissafi, sai a karkata hanya ko a nemi wani.

Baban Khalifa: Duk da'irarka a takarda take. Awa uku da inji ɗaya a kan ruwa, ni dai ganganci na gani.

Malam Tukur: Ganganci shi ne ka san akwai haɗari ka ƙi shiri. Wanda ya yi lissafi ya ɗaure raƙuminsa, saura tawakkali.

Ɗan Fagge: Malam, wanda ya hau babur ba hula shi ma lissafi ya yi, ya ga gida kusa ne.

Malam Tukur: Kai yaro, ba da kai nake ba.

Habu Makanike: Ni abin da na sani, huɗu ya fi biyu, ko yaro ya san haka. Amma da Boeing ne da sauƙi. Airbus ɗin nan kwamfuta ce ke tuƙi. Ba nasu ba ne mai ya ƙare masa a tsakiyar teku?

Zee Abuja: Kun fara ke nan. A350 na Airbus shi Turai ta ba izinin minti 370 a 2014. Boeing 787 a 330 ya tsaya. Wa aka fi yarda da shi?

Habu Makanike: Turawan Turai sun ba kamfaninsu lamba, sai me?

Injiniya Sadiq: Habu, wanda kake nufi jirgin Air Transat ne, A330, Agustan 2001, daga Toronto zuwa Lisbon da mutum 306. Laifin ba na kwamfuta ba ne, kuma ba na yawan inji ba. Kwanaki kaɗan kafin tafiyar an canja injin dama, aka haɗa shi da kayan da ba su dace da juna ba, bututun haidirolik ya riƙa gugar bututun mai har ya huda shi. Matuƙan sun ga tankin dama yana raguwa, suka buɗe hanyar da ke tura mai daga hagu zuwa dama, ashe cikin ɓular suke zubawa. Injunan biyu suka mutu, Kyaftin Robert Piché ya lallaɓa jirgin kimanin kilomita 120 ba inji, ya sauka a Lajes, tsibiran Azores. Ba a rasa rai ba. Da inji huɗu ne ma, in mai ya ƙare duka za su tsaya.

Baban Khalifa: Ka ji ko! Da bakinka ka faɗa. Biyun duka sun mutu.

Injiniya Sadiq: Na faɗa. To ga mai uku: a 1983 wani L-1011 na Eastern Air Lines ya tashi daga Miami, makanikai sun manta ba su sa zoben roba ba a marfin da ke toshe man inji, a duka injunan uku. Man ya tsiyaye, duka suka tsaya, da ƙyar aka tada ɗaya aka koma Miami. Hannun da ya yi kuskure a inji ɗaya shi ya maimaita a sauran. Shi ya sa a ƙa'idar ETOPS ake guje wa mutum ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a injunan biyu a lokaci guda, kuma ana bin diddigin shan man kowane inji bayan kowace tafiya. Kafin a ba da minti 180, sai irin injin ya nuna ba ya mutuwa a sama fiye da kamar sau biyu a awa 100,000 na aiki.

Habu Makanike: Kullum makanike ne mai laifi. Wanda ya matsa masa ya gama da wuri fa?

Zee Abuja: Injiniya, ka manta wuta. Ni na ji ba inji ne ke ƙayyade mintocin ba, abin kashe gobara ne.

Injiniya Sadiq: Rabin gaskiya ce. Na'urar danne wuta a ɗakin kaya dole ta riƙe tsawon mintocin izinin da ƙarin 15, kuma sau da yawa ita ce ke taka wa jirgi birki. Haka mai: ana ɗaukar wanda zai isa in iskar cikin jirgi ta zurare a wuri mafi nisa, aka sauko ƙafa 10,000 inda jirgi ya fi shan mai. Wuta da zurarewar iska ba ruwansu da yawan inji, shi ya sa a 2007 hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta sa masu inji uku da huɗu na fasinja a cikin dokar in za su wuce minti 180.

Maman Ummi: Ni dai ban gane da'irar nan ba. Allah Ya sauke su lafiya kawai.

Malam Tukur: Amin, Hajiya. Amma Ɗan Fagge bai ba ni haƙuri ba.

Baban Khalifa: Tunda ni na kawo maganar, bari in tattara. Injiniya da kansa ya yarda an taɓa samun mai inji biyu da duka suka mutu a kan teku. Ya yarda an fara da minti 60 aka yi ta ja har 370. Habu ya ce huɗu ya fi biyu, ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe shi. Malam ne kaɗai ya ƙi kalmar ganganci, shi kuma bai taɓa tsallaka teku ba.

Injiniya Sadiq: Jirgin Miami fa, Alhaji?

Baban Khalifa: Wancan uku ne. Ni huɗu na ce.