Hanyoyi biyu sun ba ni amsa biyu a girman cikin tetirahidiron

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman girman cikin tetirahidiron, wato dala mai fuska huɗu, da kusurwoyi A(1,0,2), B(3,1,2), C(1,4,3), D(2,2,6), amma lissafin ya ƙi daidaita.

Na fitar da bekta uku daga A: AB = (2,1,0), AC = (0,4,1), AD = (1,2,4). Ninkin giciye ya ba ni AB × AC = (1,−2,8). Na tabbatar da shi, domin ninkin ɗigonsa da AB da kuma AC duk sifili ne, ke nan alamar ragi ta tsakiya tana daidai. Ninkin ɗigonsa da AD kuwa 1 − 4 + 32 = 29, sai na raba da 6, na samu 29/6, kusan 4.83.

Wajen gwaji ne abin ya cije. Na ɗauki sulusin faɗin gindi sau tsawo. Faɗin ABC rabin tsawon (1,−2,8) ne, wato √69/2. Na sa tsawon AD, √21, a matsayin tsawon dalar, sai ga 6.34. Zargina shi ne AD a karkace yake, bai tsaya cak a kan ABC ba, shi ya sa amsar ta kumbura. In haka ne, 29/√69 ne ainihin tsawon? Me ya sa ake rabawa da √69?

Sannan da na fara daga B, (BA × BC) · BD ya fito −29. Jefar da alamar kawai ake yi, ko tana nuna gefen da D yake?