Fankar da ke aiki da rana ta birkice da dare

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar lantarki. Ina da ɗan shagon gyara a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma wani aiki ya tsaya mini.

Na haɗa wa wani dattijo na'urar da ke kunna fanka da kanta idan zafin ɗaki ya kai digiri 30. Arduino Nano ne da DHT11 da rile, fankar ta 12V ce, duka suna cin batir ɗaya da sola ke cajawa. Da rana lafiya lau take aiki. Amma daga bayan sallar isha'i sai rilen ya kama ƙas-ƙas-ƙas, fankar ta ɗan juya ta tsaya, allon Arduino ya mutu ya sake tashi.

Da farko na ɗauka zafin ne ke yawo a bakin 30, sai na sa ta kunna a 30 ta kashe a 28. Bai canza komai ba. Na auna batirin: da azahar 13.6V, da dare 11.9V, kuma daidai lokacin da fankar za ta tashi yana faɗuwa zuwa wajen 10V. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne 7805 ke ba allon wuta, kuma 7V ma ya ishe shi. To me ke kashe allon? Ina zargin faɗuwar ta wuce abin da mitata ke iya kamawa, don wayar siririya ce kuma doguwa, fitilun gidan ma a kanta suke.

Shin kafasita 1000µF da dayod kafin 7805 za su riƙe shi, ko batirin ne ya gaji? Baba yana kwana cikin zafi, don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya taimaka.