Harajin Dukiya da Wahalar Ƙiyasta Kuɗin Kadara

'Yan kasuwarmu na Agege sun tattauna kan ko harajin dukiya ya fi harajin kuɗin shiga adalci, kuma mafi yawan shawarwarin sun tsaya ne a kan ƙiyasi. Wani akanta ya bayyana cewa albashi da riba suna barin shaida a takarda, amma gidan da ba a sayar ba babu wanda ya san ainihin kuɗinsa, sai dai a kwatanta shi da na maƙwabta.

Ya ba da misalin gwauruwa mai gidan haya da aka yi wa kuɗi naira miliyan 100, wanda hayarsa miliyan 4 ce a shekara. Idan aka ɗora kashi 2 cikin ɗari, za ta biya miliyan 2, wato rabin hayar. Idan kuwa faɗuwar naira ta sa aka maida ƙiyasin miliyan 150 alhali haya ba ta motsa ba, harajin ya zama miliyan 3, ba tare da ko kwabo ya ƙaru a hannunta ba. A ganina, nan ne hujjar ta fi ƙarfi.

Wani malami ya tunatar cewa zakka ma a kan dukiya take, amma ba ta hawa gidan zama, kuma kayan sayarwa kuɗinsu sananne ne a kasuwa. An kuma ambaci Jamus, wadda ta daina karɓar harajin dukiya a 1997 bayan kotu ta ce ba a yi wa gidaje da sauran kadarori ƙiyasi iri ɗaya ba.

An shawarci masu gidaje a Legas su adana rasidin haya da takardun saye, domin da su ake ƙalubalantar ƙiyasin harajin filaye idan ya wuce kima.