Muhawara: Mafarkin Neman Banɗaki

Ɗan Kwari: Jama'a, ku raba mu da Yayata. A zafin Afrilun nan, idan aka ɗauke wuta, nakan sha ruwan leda biyu kafin in kwanta, sai gab da asuba in yi mafarkin ina zagaye kasuwa ina neman banɗaki, kowanne a kulle, in farka mara a cike. Ita ta dage sai an kai wa mai fassara, ni kuwa na ce mafarkin banza ne.

Almajirin Malam: Ɗan'uwa, ka janye kalmar banza. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci, kuma babu banza a cikinsu.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ai maganarsa tana da tushe. Barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa yana zagayowa kusan duk minti 90, kuma yana ƙara tsawo wajen asuba, daidai lokacin da ruwan nan ya gama taruwa a mafitsara. Saƙon matsuwar yana isa ƙwaƙwalwa, amma bai kai ƙarfin tayar da mutum ba, sai ta saƙa shi cikin labarin da take ciki. A 1958 masana barci Dement da Wolpert sun yayyafa wa masu barci ruwan sanyi, ruwa ya fito a kusan kashi 42 cikin 100 na mafarkan, da suka gwada da sauti kuwa bai kai kashi 10 ba. Ɗan Kwari ya rage shan ruwan dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta. Idan mafarkin ya ɗauke, ya gane tushensa.

Almajirin Malam: Hajiya, sauran kashi 58 ɗin fa? Kun ga ba banza ba ne.

Baban Yara: Ku 'yan boko komai sai kun kawo Bature. Kowa ya san mai azumi abinci yake mafarki kullum, ba sai an gwada ba.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, ba kullum ba. Waɗannan masanan sun hana mutane ruwa yini guda, amma babu wanda ya ga kansa yana sha.

Maman Biyu: To ni ɗana mai shekara 7 yana fitsarin kwance, mafarkin ne ke jawo masa?

Baban Yara: Maman Biyu, ki bari manya su gama. Ni dai kalmar banza ce ta ɓata mini rai, domin da Yayarsa yake magana.

Ɗan Kwari: Baba, mafarkin na kira banza, ba Yayata ba.

Shugaban zaure: A taƙaice, mafi yawanmu mun yarda cewa Ɗan Kwari ya yi kuskuren lafazi, kuma alƙaluman Hajiya da kansu sun goyi bayan Malam. Tambayar Maman Biyu sai gobe, in Allah ya kai mu.