Yaya zan jera makin ƙwallon raga a jaridar makaranta?

Ɗaliba: Assalamu alaikum. An ɗora min rubuta labarin wasan ƙwallon raga na 'yan matanmu a jaridar makaranta. Mu muka yi nasara, zagaye uku da biyu. Abin da ke takardata shi ne 25-22, 25-14, 26-24, 25-18, 15-13, amma na biyu da na huɗu baƙi ne suka ɗauka. Yaya zan jera su mai karatu ya gane nan take?

Malamin wasanni: Wa alaikumus salam, 'yata. Gyara na farko yana cikin takardar taki. Kin sa babban adadi a gaba kowane zagaye, don haka duk wanda ya gani zai ɗauka ƙungiya ɗaya ce ta cinye biyar ɗin, alhali hakan ba ya yiwuwa, domin da an ci uku wasa ya ƙare. Ki zaɓi ƙungiya ɗaya ki bar makinta a hagu tun daga farko har ƙarshe, ko ta ci ko an ci ta. Ga yadda zai fito:

Makarantarmu 3, Baƙi 2 (25-22, 14-25, 26-24, 18-25, 15-13)

Yanzu ido na sauka kan 14-25 an san nan kuka sha kashi. Ki ware wa wannan layi wurinsa a ƙarƙashin kan labari, kada ki cusa shi tsakiyar sakin layi.

Wani ɗan uwa: Ni a ganina ki tara makin duka ki rubuta jimla ɗaya. Haka muke yi idan mun buga ƙwallon kwando, kuma ya fi sauƙin karantawa.

Malamin wasanni: A'a Malam, a nan ba zai yi ba. Tara ka gani: namu 98, na baƙi 109. Ka ga wanda ya ci wasa shi ne mai ƙaramar jimla. A ƙwallon raga zagaye ake ƙirgawa, kowanne da lissafinsa, ana gama shi a koma sifili. Idan ta buga 98 da 109, iyayen yara za su ce an cinye 'ya'yansu.

Malamar harshe: Lambobi sun zauna, saura labarin. Ƙanwata, jimlarki ta farko ta faɗi wa ya ci wa, da nawa, a wace gasa, yaushe. Daga nan kada ki bi zagaye biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya kina maimaita abin da layin maki ya riga ya faɗa. Na biyu da na huɗu jimla guda ta ishe su. Inda za ki zauna shi ne na uku, mai 26-24. Wannan adadi yana nufin an yi kunnen doki 24-24, sannan 'yan matanku suka ci biyu a jere. Wa ke bugun farawa a lokacin? Tarewa aka yi a bakin raga, ko baƙi ne suka buga ƙwallo waje? Ki je ki tambayi kyaftin da mai horarwa tun ba su manta ba, kuma ki sa kowace yarinya ta rubuta miki sunanta da hannunta. Ba abin da ke ɓata wa ɗaliba rai irin ta ga sunanta a jarida da kuskure.

Mahaifiyar 'yar wasa: Ni dai 15-13 ɗin nan ne ya ɗaure min kai. Ba sai an kai 25 ba? Ko lokaci ne ya ƙare? Rannan ma 'yata ta kawo takarda mai irin wannan, na ɗauka ba su gama ba ne.

Alƙalin wasa: Hajiya, ba a buga shi da agogo. Zagaye na biyar, na raba gardama, a 15 yake tsayawa, har ma ana sauya gefe idan wani ya kai 8. Tunda ke kin tambaya, wasu ma za su tambaya, don haka ya kamata ɗalibar ta saka rabin jimla da ke bayyana hakan. Sannan 'yata, kafin ki miƙa aikin ki gwada lambobinki da takardar mai rubuta maki, kada ki dogara da abin da 'yan kallo suka tuna. Akwai adadin da da ganinsa kin san kuskure ne. 25-24 ba ya ƙare zagaye, sai da tazarar maki biyu. Idan kuma mai nasara ya wuce 25, tazarar biyu ce cif: 27-25 daidai ne, 27-24 ba ya faruwa. Sai dai wasu gasannin makarantu suna buga zagaye uku kawai ko su sa iyakar maki, to ki tambayi dokar gasarku.

Ɗaliba: Na gode ƙwarai. To ranar da aka ci mu fa, wa zan sa a hagu?

Malamin wasanni: Mai nasara. Ki rubuta Baƙi 3, Makarantarmu 1, duk makin cikin baka ya bi nasu.

Malamar harshe: Nan kam ban bi ka ba, Malam. Jaridar makaranta ce, masu karatu sunan makarantarsu suke nema. Ni zan bar namu a hagu kullum, ko da 1-3 ne, sai fi'ili ya faɗi gaskiya: baƙi sun doke mu. Ki duba fitowar baya ki ga wanne editanku ya saba, ki bi shi har ƙarshen zango.